Takarda biyu daga Alƙahira zuwa Daura

Yaron da zan ba da labarinsa ɗan yayata ne, kuma shi ne ɗan farinta. Ita kanta ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan" ko "na Masar", don haka ni ma zan bi sahunta. Da yardarsa da ta mahaifinsa na rubuta wannan, domin takardu biyun da ya aiko gida a tsakanin wata biyu duk ta hannuna suka biyo, ni na karanta su a gaban iyayensa, kuma har yanzu suna cikin wayata. Duka biyun cike suke da ladabi. Amma ta farko ta jawo wa gidan asarar kuɗi, ta biyu ce ta ceci karatunsa, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi nake so a gani.

Ya tafi Masar a ƙarshen daminar 2022 don karatun harhaɗa magunguna a wata jami'a mai zaman kanta da ke wajen Alƙahira. Kuɗin makarantarsa dala 4,000 ne a shekara, ana biya kashi biyu, dala 2,000 a farkon kowane zango. Baƙon ɗalibi a jami'arsu da dala yake biya, ba da kuɗin ƙasar ba. Mahaifinsa, wanda nake kira Alhaji, ɗan kasuwa ne mai matsakaicin ƙarfi a nan Daura. Yana sayen wake da dabbobi ta wajen Mai'aduwa da Kwangwalam, yana turawa Kano da kudu, yana kuma da gona da shanun huɗa. Da ya yi lissafi a lokacin, abin ya yi masa daidai. A lokacin akwai hanyar Form A, wadda banki ke sayar wa uba dala a farashin gwamnati ya tura ta kai tsaye asusun makaranta. Ana shan jira, wani lokaci wata biyu ko fiye, amma dala tana zuwa a wajen naira 450. Ke nan zango ɗaya bai kai naira miliyan ɗaya ba. Alhaji ya ce zai iya, kuma shekarar farko ya iya ɗin.

Sai 2023 ta zo da abubuwa uku a jere. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin ɗaukar kaya zuwa kudu ya tashi. A tsakiyar Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala a banki ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 cikin kwanaki kaɗan, rahusar da ake bi ta Form A dominta ta soma zagwanyewa. Sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyaka, ba a ba da umurnin buɗe ta daga ɓangarenmu ba sai a Maris na 2024. Wanda bai san Daura ba ba zai gane nauyin wannan na ukun ba. Rabin cinikin mutum irin Alhaji daga tsallaken iyaka yake zuwa. Wato a daidai lokacin da kuɗin makaranta ya ninka a naira, hanyar samunsa ta tsuke.

A watan Oktoba na 2023 Alhaji ya haɗa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ya tura wa yaron, ya ce masa a waya: "Ga abin da ya samu. In bai kai ba ka faɗa mani." A ranar dala tana wajen 1,150 a hannun 'yan canji, kuɗin suka ba da dala 1,200 da ɗan canji. Saura dala 800. Yaron ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba, an gode, Allah ya ƙara buɗi." Daga nan bai ƙara komai ba. Jami'ar ta karɓi abin da ya kai, ta bar shi ya shiga aji, ta rubuta masa bashi.

Daga baya na tambaye shi dalili. Ya ce a hutun da ya zo gida ya ga yadda mahaifinsa ke zama a ƙofar gida ranar kasuwa, abin da bai taɓa gani ba tun tasowarsa. Ya ce ya ji kunyar ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ba su isa ba, alhali ƙannensa shida ne a gida. Ya yi tunanin zai matse daga kuɗin abincinsa ya cike. Dala 120 ake tura masa a wata, daga ciki yake biyan hayar ɗakin da suke su huɗu, ya ci abinci, ya hau mota. In ya matse iyakar matsewa ya ajiye dala 40 a wata, wata ashirin zai yi kafin ya haɗa 800. Bai yi wannan lissafin a takarda ba. Da ya yi, da ya gane tun a Oktoba cewa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

A farkon Disamba jami'a ta aiko masa da tuni. A lokacin ne ya rubuta takarda ta farko, da hannunsa, ya ɗauki hotonta ya turo mani ta WhatsApp, ya ce in kai wa Baba da Inna. Ga ta yadda take:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga mahaifana, Baba da Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da su Hajiya Babba da yara duka. Ni ma nan lafiya lau nake, sai kewar gida. Karatu yana tafiya alhamdu lillahi, mun kusa fara jarrabawa, ina roƙon ku sa ni a addu'a. Rayuwa dai ta ɗan yi tsada a nan kamar ko'ina, kuma akwai 'yan abubuwa na makaranta da ba a kammala ba, amma in sha Allahu komai zai daidaita. In Allah ya hore wani abu ba tare da takura ba, to, in kuma babu kada ku damu. Allah ya ƙara girma, ya saka maku da Aljanna. Ni ne ɗanku."

Na karanta ta bayan sallar isha'i a ɗakin Alhaji, Yaya tana zaune a bakin ƙofa. Alhaji ya ce, "Madalla. Allah ya yi mashi albarka." Ya ce in an sayar da wake a ƙara masa wani abu a kan kuɗin abinci. Yaya ta yi shiru, can ta ce mani a tsakar gida, "Anya yaron nan ba ya cikin wani hali?" Ni kuwa, malamin makaranta da ke koyar da rubutun wasiƙa shekara da shekaru, na ce mata tsadar rayuwa ce kawai. Ni ma takardar ta ruɗe ni.

Idan aka sake duba ta, ba a samun ƙarya ko ɗaya a ciki. Akwai gaisuwa, akwai addu'a, akwai tausayin iyaye. Abin da babu shi ne abin da uba zai iya yin aiki da shi. "'Yan abubuwa na makaranta" na iya zama littafi, na iya zama rigar ɗakin gwaji, na iya zama dala 800. Babu adadi, babu rana, babu abin da zai biyo baya in ba a biya ba. Kuma jimlar nan ta "in babu kada ku damu" ta rufe ƙofar da ta gabace ta ta ɗan buɗe. A al'adarmu, ɗa yana faɗin haka don ya sauƙaƙa wa uba, uban kuma yana fahimtar cewa buƙatar ba ta gaggawa ba ce. Kowa ya yi abin da tarbiyya ta koya masa, magana ta faɗi a tsakani. Ɗan kasuwa irin Alhaji yana tsara kuɗinsa ne da ranaku: wannan kasuwar za a sayar da kaza, wancan mako za a biya wane. Duk abin da bai zo masa da rana ba, baya yake komawa.

An bar yaron ya rubuta jarrabawar Janairu, amma aka riƙe sakamakonsa. Da aka buɗe rajistar zango na biyu a Fabrairun 2024 sai ya tarar an kulle shafinsa. Ofishin kuɗi suka ce bashin dala 800 ya hau da tarar dala 100 ta jinkiri, ga kuma dala 2,000 ta sabon zango. Abin da ya fi tayar masa da hankali ba wannan ba ne. Izinin zamansa a ƙasar, wanda ɗalibai can ke kira ikama, zai ƙare a ƙarshen Maris, ba a kuma sabunta shi sai da takardar jami'a mai shaida cewa mutum ɗalibi ne mai rajista, jami'ar kuwa ba ta ba mai bashi wannan takarda. Ya kira ni da dare, muryarsa tana rawa. Ya ce, "Kawu, ban san yadda zan faɗa wa Baba ba."

Na yi masa faɗa kaɗan, na kuma yi wa kaina. Sannan na ce kada ya rubuta komai tukuna. Ya fara komawa ofishin kuɗi ya tambayo abu uku: nawa ne mafi ƙarancin abin da za su karɓa su buɗe masa rajista, wace rana ce ta ƙarshe, kuma za su yarda su rubuta masa hakan a takarda mai hatimi? Dalilina shi ne, ɗalibi yakan ɗauka adadin da ya gani a shafinsa shi ne ƙarshen magana, alhali jami'o'i masu zaman kansu da dama sun fi son su karɓi kuɗi kashi-kashi a kan su rasa ɗalibi gaba ɗaya. Ba kowace ce ke yarda ba, amma ba a sani sai an tambaya. Ya je sau biyu, a na biyun tare da shugaban ɗaliban Najeriya na jami'ar. Suka amince: ya biya tsohon bashi da tara da rabin kuɗin sabon zango, wato dala 1,900, kafin 29 ga Fabrairu, sauran dala 1,000 kuma kafin jarrabawar Mayu. Tarar ce suka ƙi yafewa.

Sai ya rubuta ta biyu. Ban gyara masa kalma ko ɗaya ba, abin da kawai na ce shi ne duk tambayar da ya san Baba zai yi, ya amsa ta a ciki.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga mahaifana, Baba da Inna. Ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa, da fatan kuna lafiya, ku da su Hajiya Babba da ƙannena. Allah ya ƙara maku lafiya da nisan kwana. Ni lafiyata ƙalau, kada hankalinku ya tashi ta wannan wajen.

"Baba, kafin komai ina neman gafararku. Kuɗin da kuka turo a Oktoba dala 1,200 suka ba da, kuɗin zangon kuwa 2,000 ne. Ka ce in bai kai ba in faɗa, ban faɗa ba. Na san halin da ake ciki a gida, na zaci zan iya cikewa da kaina, ashe ba zan iya ba. Takardar da na aiko a Disamba ma ban fito da maganar fili ba. Laifina ne, ku yafe mani.

"Ga yadda abin yake yanzu. Ana bina dala 800 ta zangon da ya wuce, da tarar dala 100, da dala 2,000 ta wannan zangon. Jimilla dala 2,900. Na je ofishin kuɗi na roƙa, sun yarda in biya dala 1,900 kafin 29 ga wannan wata, sauran 1,000 kafin jarrabawar Mayu. Ga hoton takardarsu na haɗo. Ina da dala 150 da na tara daga kuɗin abinci, don haka abin da ya rage a nema yanzu dala 1,750 ne. A farashin yau, wajen 1,500 kowace dala, ya kama naira 2,625,000, amma farashin yana motsi kullum.

"In ranar ta wuce ba a biya ba, ba zan yi rajistar zangon nan ba, kuma ba za su ba ni takardar da zan sabunta izinin zamana ba, wanda zai ƙare a ƙarshen Maris. Na nemi aiki, amma izinina na karatu ne, ba na aiki ba, ba na kuma son in yi abin da zai jawo mani matsala da hukuma. Na bar ɗakin da nake na koma wanda muke mu shida, don haka daga watan gobe dala 90 za ta ishe ni maimakon 120.

"Na tambaya kuma, in ba hali, ana iya dakatar da karatu na shekara ɗaya in dawo gida, amma sai an biya tsohon bashin na dala 900 kafin su yarda. Ban faɗi wannan don na gaji da karatu ba. Na faɗa ne don ku san duk hanyoyin da ke akwai. Duk abin da kuka yanke, a kansa nake, kuma ba zan taɓa ganin kun gaza mani ba. Inna, ki sa ni a addu'a, ki kuma kwantar da hankalinki, ina cin abinci. Allah ya rufa asiri, ya saka maku da alheri. Ni ne ɗanku mai neman albarkarku."

Wannan karon a ɗakin Alhaji shi kaɗai na fara karantawa. Yana iya karatun boko sarai, amma ya ce in karanta, shi kuma ya jawo takardar sigari ta kwali da biro yana rubuta lambobin. Da na kai ƙarshe ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Tun Oktoba?" Na ce tun Oktoba. Ya ce, "Da ya faɗa a lokacin, ai waken nan na hannuna." Abin da ya ɓata masa rai ke nan, ba yawan kuɗin ba. Ya ƙara da cewa, "To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kira mani yayarka."

Ga abin da shirun ya ci. A farkon Disamba dala tana wajen 1,200, ke nan dala 800 ta kama naira 960,000. A tsakiyar Fabrairu, a kan 1,500, ta koma 1,200,000. Bambanci 240,000. A ɗora tarar dala 100, wato 150,000. Naira 390,000 ke nan suka tafi ba a sayi komai da su ba, ban da cewa kuɗin da za a iya nema cikin wata uku a natse sai ga shi ana neman su cikin kwana goma sha biyu, kuma duk wanda ya san kasuwa ya san yadda ake taya kayan mai gaggawa.

Akwai wurare a takarda ta biyun da nake ganin sun cancanci a tsaya a kansu, domin a nan ne mutane ke zaton ladabi da fayyace magana ba sa haɗuwa.

Na farko, inda ya ajiye ladabin. Ya sa shi a gaisuwa, a neman gafara, a addu'a, da kuma a ƙarshe inda ya miƙa hukunci ga iyaye. Tsakiyar takardar kuwa, inda lambobi suke, bai lulluɓe ta da komai ba. Babu inda ya ce "ku turo." Ya ce "abin da ya rage a nema," wanda ya bar wa uba girmansa, amma adadin yana nan tsaye. Ya kuma yi amfani da wata dama da harshenmu ya ba shi: da yake su biyu yake wa magana, "ku" ta zauna masa daidai, ta ɗauke masa nauyin fuskantar Baba kai tsaye da maganar kuɗi. Wuri ɗaya kawai ya ce "ka," inda yake tuna wa mahaifinsa maganar da ya yi masa a Oktoba, wato inda yake amsa laifinsa. Ban san ko da gangan ya yi ba, amma ya dace.

Na biyu, ya fara da cewa lafiyarsa ƙalau. Wannan na Yaya ne. Uwar da aka ce mata ga doguwar takarda daga ɗanta na ƙasar waje, ciwo take fara kawowa a ranta, ko kamu, ba za ta ji sauran maganar ba sai an cire mata wannan.

Na uku, wanda na fi ba muhimmanci, ya rubuta bashin da dala, sannan ya ba da kwatancinsa a naira tare da farashin ranar. Iyaye a gida da naira suke tunani, makaranta da dala take bi. In ɗalibi ya rubuta naira kaɗai, uba zai haɗa daidai wannan adadin, ranar canji kuma a ga bai kai ba, a koma gidan jiya. A wannan ma sai da abin ya taɓa mu duk da gargaɗinsa, kamar yadda za a ji.

Hoton takardar jami'ar kuma ya yi aikin da baki ba zai yi ba. Alhaji bai taɓa zargin ɗansa ba. Amma da zai je wajen ƙaninsa a Kano neman rance, takardar nan mai hatimi ita ya nuna. Kowa a garin nan ya ji labarin yaran da ke ƙara wa kuɗin makaranta kunne, ko suna karɓar kuɗi alhali an daɗe da sallamarsu. Mai ba da rance yana da hakkin ya gani da idonsa, kuma ɗalibin da ya haɗo shaida tun ba a tambaye shi ba ya hutar da mahaifinsa daga jin kunyar a tambaye shi.

Maganar dawowa gida da ya kawo da kansa ta jawo gardama tsakanina da Yaya. Ita tana ganin bai kamata ya ambata ba, kamar yana yi wa kansa baki. Ni ina ganin ita ce jimla mafi ladabi a takardar. Uba ba ya iya buɗe baki ya ce wa ɗansa "na kasa, dawo." In ɗan bai buɗe wannan ƙofar ba, uban zai sayar da gona kafin ya furta. Da yaron ya faɗa da kansa, ya kuma faɗi kuɗinta, sai Alhaji ya samu abu biyu a gabansa da zai auna: dala 900 a dawo gida, ko 1,900 a ci gaba. Shi ya zaɓa, ba dole ce ta zaɓa masa ba. Har yanzu Yaya ba ta yarda da ni ba.

An haɗa kuɗin kamar haka. Bijimai biyu na huɗa aka kai kasuwa, suka ba da 1,500,000, kuma Alhaji ya ce da an kai su kusa da Babbar Salla da sun fi haka nesa. Yaya ta roƙi a ba ta ɗaukar adashinsu kafin layinta, 400,000. Baffan yaron na Kano ya ranta 425,000. Ni na kawo 300,000. Ya kama 2,625,000 cif. Amma a makon da muka gama haɗawa naira ta sake faɗuwa, wanda ya yi mana canji bai sauko daga 1,600 ba. Dala 1,750 ta koma 2,800,000, aka sami giɓin 175,000 ana saura kwana huɗu. Ragowar buhunan waken da aka ajiye don azumi, wanda ya kama a 11 ga Maris, su suka cike. Da zan sake ba da shawara, zan ce ɗalibi ya rubuta a fili cewa a ɗora kashi goma cikin ɗari a kan adadin naira saboda motsin farashi, in an samu rara ta shiga biya na gaba.

Wajen turawa ma an yi taka-tsantsan. Form A ba ta da amfani a lokacin: farashin banki ya riga ya kamo na kasuwa, ga jira, mu kuwa kwanaki muke ƙirgawa. Wani ɗalibi a can ya ce a zuba naira a asusunsa zai ba da dala a farashi mai sauƙi. Alhaji ya ƙi, ya ce bai san shi ba, bai san ubansa ba. Ya bi ta wani ɗan canji a Kano da suka shekara suna hulɗa, aka fara tura dala 200 don gwaji, da yaron ya tabbatar ta shiga hannunsa aka tura sauran. A ranar 27 ga Fabrairu ya biya, ya turo hoton rasit, washegari shafinsa ya buɗe. Ya ci duk darussan Janairu, sai dai guda ɗaya da ƙyar ya tsallake shi.

Sauran dala 1,000 ta zo da sauƙin da ba wayonmu ba ne. A Afrilu naira ta ɗan farfaɗo, dala ta sauko ƙasa da 1,200 na 'yan makonni kafin ta sake hawa a Mayu. Yaron ya aiko da saƙo gajere bayan Ƙaramar Salla, gaisuwa layi biyu, sannan ya ce farashi ya sauko, in da hali yanzu ne lokacin. An buɗe iyaka, ciniki ya ɗan motsa, Alhaji ya biya da wajen 1,200,000. A 6 ga Maris ita ma Masar ta karya darajar kuɗinta, fam ya tashi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala, abin da ya sa dala 90 ɗinsa ta ɗan ƙara auki na wani lokaci kafin kayan masarufi su biyo ta. Kuɗin makaranta kam bai motsa ba, tunda da dala ake biya.

Ba zan ce an fita ba. Daminar 2024 Alhaji hayar shanu ya yi don huɗa, kuma sai da aka kai kaka kafin a gama biyan Baffa. An duba rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka buɗe a Mayun shekarar, aka tarar na masu karatu a makarantun gwamnati ne a cikin Najeriya, bai shafi na waje ba. An kuma yi maganar ya nemi canji zuwa wata jami'a a gida, amma hakan na buƙatar takardar sakamakonsa gaba ɗaya, kuma akwai yiwuwar a mayar da shi baya da shekara, don haka aka ajiye maganar ba a binne ta ba.

Abin da ya canja shi ne tsari. Alhaji ya kafa masa doka: wata biyu kafin kowane biya ya aiko da takarda, da adadin a dala, da ranar ƙarshe, da farashin ranar, ko da kuwa babu matsala. Ya sayi ƙaramin littafi mai bango ja yana rubuta su, yana kuma sayen dala kaɗan-kaɗan duk ranar da ciniki ya yi kyau maimakon ya jira lokacin biya. Takardar da ta zo a Agusta shafi ɗaya ce, rabinta gaisuwa. Da na gama karantawa Yaya ta ce in maimaita mata wurin da ya ce yana cin abinci, Alhaji kuma ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayar ya kwafi lambobin da kansa.